Rubutun tafinta a teburin ciniki: da harshen da ka ji, ko da wanda za ka faɗa?

"Na yi karatu a ƙasar Sin, yanzu an ɗauke ni in yi tafinta tsakanin Sinanci da Turanci a zaman ciniki da wata masana'anta. Kowa zai yi magana ya tsaya, sannan in fassara. Wasu sun ce in riƙa rubuta abin tunawa da harshen da nake ji, wasu kuma sun ce da wanda zan faɗa. Wanne ya fi?"

Ɗan'uwa, duka biyun ana aiki da su, sai dai ba wuri ɗaya suke cin mutum ba. Mai rubutawa da harshen da ya ji yana hutawa lokacin sauraro, wahalarsa tana jiran sa a lokacin da kowa ya yi tsit ya zuba masa ido. Mai rubutawa da harshen da zai faɗa kuwa yana yin fassarar tun mai magana bai rufe baki ba, don haka idan ya ɗago kai maganarsa tana fita sumul. Amma kan nan guda ɗaya ne yake sauraro, yake juyawa, yake rubutu, kuma duk sanda ya tsaya juya wata lamba, jimlar da ta biyo baya ta wuce shi. A jawabin maraba wannan ba komai ba ne. A ciniki, jimlar da ta biyo bayan lamba galibi ita ce sharaɗin.

Bari mu ɗora su a kan magana guda. Ka ɗauka mai masana'anta a Ningbo ya yi magana ta kusan daƙiƙa 40, ga ma'anarta: idan za ku ɗauki guda dubu 12, kowanne dala 4.8 ne, mu ɗora muku a jirgi a Ningbo. Idan kun kai dubu 30 za mu rage kashi 5 cikin ɗari. Kafin alƙalami kashi 30, ciko idan kun ga kwafin takardar lodi. Kaya cikin kwana 45 daga ranar da kafin alƙalami ya shigo, amma ban da hutun sabuwar shekara. A ƙa'ida, ya kamata a ce babu matsala.

Ga shafin wanda ya rubuta yadda ya ji:

```
if  1.2w
      $4.8  FOB NB
if  3w
      95折
定 3成
尾 → B/L copy
45d ← 定到
but ✗ 春节
原则上 应该 ok
```

Ga kuma na wanda ya juya nan take:

```
if  12,000
      $4.8  FOB NB
if  30,000
      -5%
dep 30%
bal → B/L copy
45d
ok
```

Shafi na biyu ya fi tsabta, kuma da a ce ya cika da ya fi daɗin karantawa. Amma dubi ƙasansa. Inda ake fara ƙirga kwana 45 ya ɓace, hutu ya ɓace, kuma maganar da aka yi da ɗari-ɗari ta koma alkawari. Ba sakaci ba ne ya jawo. Lokacin da ake faɗin waɗannan, kansa yana can yana mayar da 九五折 zuwa kashi 5, yana mayar da 三成 zuwa kashi 30. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu kuma sukan rufe makonni, to ka ga mai saye zai tashi daga teburin da ranar da babu ita.

Lamba ita ce wurin da nake ganin babu gardama: rubuta ta yadda ka ji, ka juya bayan mai magana ya tsaya. Dalili shi ne Sinanci yana yanka lamba huɗu-huɗu, Turanci kuma uku-uku. 万, wato wan, dubu goma ne, 亿, wato yi, miliyan ɗari. Mu da muke ƙirge da dubu da miliyan, kanmu yana bayan Turanci tun asali, shi ya sa wan yake saurin zame mana ya koma dubu. Dabarar ita ce ka ja tsayayyen layi a duk inda ka ji wan, ka tabbatar akwai lambobi huɗu bayansa, sannan ka ƙirgo uku daga dama ka sa waƙafi. A misalinmu, dala 4.8 idan an cire kashi 5 ta koma 4.56, guda dubu 30 kuma ya kama dala 136,800. Basine zai ce wan goma sha uku da dubu shida da ɗari takwas.

```
十三万六千八 → 13|6800 → 136,800
1.5 million → 1,500,000 → 150|0000 → 150万
```

Layi na biyu shi ne komawa ta ɗaya ɓangaren: ka rubuta da waƙafi yadda Bature ya faɗa, ka ƙirgo huɗu daga dama, ka ja layi. Yana ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku, kuma babu ɗan kasuwar da zai ji haushin shirun daƙiƙa uku a kan kuɗinsa. Huɗu kawai za ka haddace har su zama ba sai ka yi tunani ba: wan 10 dubu ɗari, wan 100 miliyan ɗaya, yi 1 miliyan ɗari, yi 10 biliyan ɗaya.

Akwai tarkuna uku da suke zaune a nan. Basine yakan yanke wutsiyar lamba, ya ce 一万二, yana nufin 12,000. Da 10,002 yake nufi, da ka ji 零 a tsakiya. Na biyu 折: lambar da ke gabansa abin da za a biya ce, ba abin da aka rage ba. 八折 na nufin a biya kashi 80, ragin kashi 20 ke nan. Tafintan da ya yi gaggawar juyawa ya rubuta 80 da alamar ragi ya haɗa rigimar da sai an wuni ana warware ta. Na uku na kunne ne: 14 da 40 a Sinanci, musamman a bakin mutanen kudu irin su Guangzhou da ba su cika bambanta sautin sh da s ba, haka kuma 14 da 40 ɗin a Turanci. Wannan rubutu ba ya maganinsa. Ka rubuta abin da ka ji da manyan lambobi, ka juya littafin ka nuna wa mai maganar, ya gyaɗa kai, sannan ka fassara.

Abu na biyu da ake bari da harshen mai shi shi ne kalmomin ja da baya. 原则上 da 应该 da 差不多 da 考虑一下 su ne inda mai sayarwa yake bar wa kansa ƙofa. Na ƙarshen, wato "bari mu duba", sau da yawa albarka ce aka faɗa cikin ladabi. Idan ka matse su suka zama alamar amincewa, ka sallama kayan da mai su bai sallama ba. Idan kuma ka rubuta su a matsayin ƙi, ka kashe cinikin da ke da sauran numfashi. Rubuta kalmar yadda take, ka ja mata layi, in ka zo faɗa ka zaɓi Turancin da nauyinsa ya yi daidai da nata. Haka yake idan Bature ne ya ce "za mu iya" ko "ya danganta".

Sauran magana fa, bayanin inganci, ƙorafin jinkiri, tarihin hulɗa? A nan hanya ta biyu ta fi, kuma ga wanda ba a haife shi cikin Sinanci ba ta fi da nisa. Ɗan ƙasar yana zana harafi cikin gudu, kuma harafi ɗaya yana ɗauke masa kalma sukutum, shi ya sa za ka ga shafinsu cike da Sinanci ko da Turanci suke saurara. Kai kuwa ka auna hannunka. 价, wato farashi, zane shida ne, 量, wato yawan kaya, zane goma sha biyu, alhali gajerun madadinsu `px` da `qty` ba sa tsayar da biro. Akwai kuma abin kunyar da duk wanda ya saba buga Sinanci a waya ya sani: kana iya karanta harafi, amma a ce ka rubuta da hannu sai ya gudu. Teburin ciniki ba wurin neman sa ba ne. Ka riƙe 'yan kaɗan masu sauƙi da babu gajeren madadinsu, irin 万 da 折 da 成 da 定, sauran ka bar wa gajerun haruffan boko. Ko wan ɗin ma Sinawa da kansu sukan rubuta `w`.

Wata fa'idar juyawa da wuri ita ce tana tona abin da Sinanci ya ɓoye. Sinanci yakan jefar da mai aikatawa, aikatau kuma ba ya canza siffa don nuna lokaci. Mutum zai ce kuɗin gwajin kaya sai an biya tukuna, bai ce wa zai biya ba. Turanci ba zai bari ka wuce ba sai ka faɗi wane ne. Saboda haka ka ja layi a gefen hagu na shafin, kamar faɗin yatsa biyu, ka riƙa sa harafin mai saye ko na mai sayarwa a ciki, tare da kalmomin haɗi irin "idan" da "amma" da "sai dai". Duk gurbin da ya fito babu kowa a ciki, tambaya za ka yi, kar ka cike da zato. Wanda ya kwafe Sinancin yadda ya zo ba zai ga ramin ba sai ya buɗe baki.

Sharuɗɗan jigila ba su da harshe, kowa `FOB` da `CIF` yake cewa, amma kar ka taɓa rubuta ɗaya babu sunan tasha a gefensa. Na farko sunan tashar lodi yake ɗauka, kuma kuɗin jirgi na kan mai saye. Na biyu sunan tashar sauka yake ɗauka, mai sayarwa ne ke biyan jirgi da inshora. Haka kuma kowace lamba da ma'auninta: dala ko yuwan, guda ko katan, da haraji ko babu. 斤 rabin kilo ne, 公斤 shi ne kilo, harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Shimfiɗar shafin kuwa iri ɗaya ce ko wacce ka bi, kuma tsohon tsarin da tafinta Jean-François Rozan ya wallafa a 1956 ne har yau: ma'ana ake rubutawa ba kalma ba, daga sama zuwa ƙasa, abin da ya rataya a kan wani a ɗan matsar da shi dama. Nemi ƙaramin littafi mai waya a sama, wanda ake juya shafinsa da hannu ɗaya, da biro biyu. Ja layi a kwance duk inda magana ɗaya ta ƙare, kuma ka soke abin da ka riga ka fassara, domin a ciniki farashi ɗaya yakan canza sau huɗu cikin awa guda, ido kuma yana son komawa kan tsohon. Ajiye wata takarda daban a gefe wadda ba ka rubuta komai a kai sai abin da ɓangarorin biyu suka sallama. Ita kam da harshen kwantiragin za ka rubuta ta, da cikakkun lambobi da waƙafinsu, ka karanta wa kowane ɓangare da harshensa kafin a tashi.