Manhajar ƙirƙirar hoto da koren kamfani: abin da na gani

Ga mai haɗa hotunan talla, manhajar nan da ke ƙirƙiro hoto daga rubutu tana da kyau wajen tsara wuri da haske, amma kada ka damƙa mata amanar launin kamfani. Ina yi wa wata hajiya mai sana'ar kunun aya tallace-tallace, koren tambarinta kuwa lambarsa #0B6E4F, wato ja 11, kore 110, shuɗi 79. Na rubuta lambar ƙarara a cikin umarni, kwalba ta fito tsaf, har da raɓar sanyi a jikinta. Da na ɗora Color Picker, ma'aunin launi na manhajar gyaran hoto GIMP, a kan takardar kwalbar, sai na ga wajen #2E8B57. A ido kore ne, amma ka jera shi da tambarin Hajiya, nan take za ka ga ba uwarsu ɗaya ba.

Dalili shi ne da hotuna da bayanansu aka horar da irin waɗannan manhajoji, mutane kuma "dark green" suke rubutawa a ƙarƙashin hoto, ba lamba ba. Saboda haka kalmar launi yanki ce mai faɗi a wurinta, duk inda ta sauka a ciki daidai ne. Haske ma yana ƙara dagula lamarin: ka nemi hasken la'asar, koren ya karkata zuwa rawaya. Da na ba manhajar hoton samfuri, ya rage tazarar, bai rufe ta ba.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce in daina neman kore gaba ɗaya. Sai in ce takardar kwalba da murfi su fito farare tas, a cikin haske marar launi. A GIMP in zagaye wurin, in buɗe sabon shafi, wato layer, a samansa, in cika da #0B6E4F, in mayar da yanayinsa Multiply. Inda yake fari sol, wato 255, lambar tana fitowa daidai ba ragi, inda akwai inuwa kuma ta yi duhu yadda ya kamata. Idan farin ya dusashe, koren zai sauka ƙasa da 110, don haka nakan fara ɗaga farin da Levels. Yanayin HSL Color bai yi mini ba, domin yana riƙe hasken hoton asali, lambar ba ta cika.

Tambari kam da hannuna nake ɗora shi, manhajar murɗe haruffa take yi.

A ajiye hoton a PNG, a kuma tura wa mai kaya ta WhatsApp a matsayin Document, don hanyar da aka saba tana matse hoto, gefen launuka ya lalace. Kowane hoto yana cin ƙarin mintuna kaɗan, amma har yanzu ya fi mini ɗaukar mai hoto araha, shi ya sa na sabunta kuɗin wata na manhajar ƙirƙirar hoton.