Put off da call off, give up da give in: ina bambancin yake?

"Assalamu alaikum Malam. Ina shirin rubuta WAEC, amma kalmomin nan na Turanci masu zuwa biyu-biyu sun hana ni sakat. Na san *put*, na san *off*, sai aka ce wai *put off* ba shi da alaƙa da ajiyewa. To mene ne bambancinsa da *call off*? Haka *give up* da *give in*, da kuma *look into* da nake yawan ji a labarai."

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu taɓa Turancin, tsaya ka saurari bakinka. Kana cewa wane ya ci bashi, ya ci amana, ya ci jarrabawa, ya ci gaba. A cikin huɗun nan babu inda aka sa loma a baki. Bature mai koyon Hausa da ya haddace cewa "ci" na nufin tauna da haɗiya, ranar da ya ji an ce an ci mutuncin wane sai kansa ya ɗaure. Halin da kake ciki ke nan, sai dai an juya. Kai ba ka taɓa raba "ci" da "amana" ka auna kowanne daban ba, dunƙulen ka koya, tare da irin wurin da ake faɗinsa. Haka za ka yi wa waɗannan. Kuma hanyar da na ga ta fi zama a kan ɗalibai ita ce a jera biyun da ke kama da juna, a ga inda suka rabu.

Mu fara da wanda ya fi kayar da mutane. *Put off* ɗagewa ne, *call off* kuwa sokewa ko fasawa. Abin da aka yi wa *put off* yana nan tafe, ranarsa ce kawai aka matsar. Wanda aka yi wa *call off* an shafe maganarsa. Ka tuna zaɓen shugaban ƙasa na 2019 a Najeriya. An sa ranar 16 ga Fabrairu, mutane sun bar wuraren sana'arsu sun tafi garuruwansu don kaɗa ƙuri'a, sai cikin dare, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, hukumar zaɓe ta ce an mayar da shi 23 ga wata. Da Turanci sai a ce *The election was put off until 23 February*. Da a ce an ce *called off*, ma'anar ita ce babu zaɓen ke nan, kuma ka san wannan wani labarin ne daban.

Alamar da za ka nema a jarrabawa tana cikin sauran jimlar. Idan ka ga *until* ko *till*, ko aka ambaci sabuwar rana, to ɗagewa ake nufi. Ɗauki wannan: *The match was ___ because of the rain, and it will now be played on Saturday*. Rabin farko shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin ruwan sama yana iya sa a ɗage wasa, yana kuma iya sa a soke shi. Rabi na biyu ne ya tona asiri: za a buga ranar Asabar, saboda haka *put off*. Yawancin ɗaliban da ke faɗuwa a nan suna zaɓar amsa ne tun kafin idonsu ya kai ƙarshen layi.

Na taɓa koyarwa a wata makaranta inda aka liƙa sanarwa a allo cewa *The PTA meeting has been called off till Monday*. Wanda ya rubuta ɗagewa yake nufi. Iyayen da suka ji Turanci sosai wasunsu suka tsaya a kan *called off* suka ce taro ya rushe, wasu suka tsaya a kan *till Monday* suka zo. Ranar Litinin rabin kujeru babu kowa. Jimlar ce ke faɗa da kanta, kamar ka ce an fasa auren zuwa bayan Sallah.

Yajin aiki ma *call off* ake yi masa, wato janyewa. Amma ka lura da bakin shugabannin ƙungiyoyi. Lokacin da ASUU ta koma aji a Oktoban 2022 bayan wata takwas, kalmar da ta yi amfani da ita *suspend* ce, wato dakatarwa, ba janyewa ba. Mai dakatarwa ya bar ƙofa a buɗe ne.

Shi *put off* yana da wata fuska da ya kamata ka sani, kuma abin da ya biyo bayan *put* ne ke nuna ta. Idan taro ne ko tafiya ko aiki, ɗagewa ce. Idan mutum ne, magana ta sauya. *The smell put me off the food* na nufin warin ya sa abincin ya fita daga raina. *He keeps putting me off* kuma shi ne abin da mai bin bashi ke faɗi game da wanda kullum yake ce masa dawo gobe, dawo jibi. Sai gargaɗi guda: a Turancinmu na gida ana cewa *put off the light* ko *put off the fan*, kowa kuma yana ganewa. A takardar jarrabawa ka rubuta *turn off* ko *switch off*. Wutar da ke ci da harshe kuwa, ta murhu ko ta gobara, *put out* ake yi mata.

Yanzu *give up* da *give in*. Duka biyun akwai sakin hannu a cikinsu, shi ya sa suke rikitarwa. Hoto ɗaya ya ishe ka. Uwa ce ta shiga kasuwa da ɗanta, yaro ya ƙyalla ido ya ga mai alawa, ya fara kuka yana jan zanenta. Ta ce ba ta saya. Ya ƙara murya, ya zauna a ƙasa yana shure-shure. Ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai yaron ya gaji ya share hawaye ya bi ta, to *the boy gave up*, ya haƙura, ya daina nema. Ko kuma ita ta ga idon jama'a ya yi mata yawa ta kwance bakin zane ta saya, to *the mother gave in*, ta sakko, ta ba da kai bori ya hau. Mai neman abu shi ke *give up*. Wanda ake matsa wa lamba shi ke *give in*.

Daga nan sauran bambancin ke fitowa. *Give up* ba ya buƙatar abokin jayayya. Mutum shi kaɗai a ɗakinsa yana iya barin taba: *He gave up smoking*. Yana iya barin aiki, ko ya tashi ya bar wa dattijo kujera a mota. *Give in* kuwa a wannan ma'anar dole akwai mai turawa, ko mutum ne, ko matsin lamba, ko son zuciya, kuma da *to* ake haɗa shi da mai turawar: *The manager gave in to their demands*. In ka bar *to* ɗin nan jimla ta gurgunce. Akwai kuma *give up on*, wanda ke nufin fid da rai daga mutum ko abu. *The teacher gave up on him* ba ya nufin malamin ya bar koyarwa, yaron ne ya cire wa tsammani.

Ka lura na rubuta *gave up smoking*, ban ce *gave up to smoke* ba. Idan aikatau ne zai biyo bayan *give up* ko *put off*, sai ya ɗauki *-ing*. *She put off going to the hospital*, ta yi ta jan ƙafa wajen zuwa asibiti. Masu shirya tambayoyi suna son wannan tarkon ƙwarai.

*Look into* ba shi da wahala sosai. Wani lokaci leƙawa ce ta zahiri, kamar *He looked into the well*, ya leƙa rijiya. Amma idan abin da ya biyo baya matsala ce ko ƙorafi ko zargi, bincike ake nufi. Shi ne kake ji a labarai, *The committee will look into the matter*, kwamiti zai duba lamarin. Ko za a duba ɗin, wannan ba aikin nahawu ba ne. Kada dai ka haɗa shi da 'yan'uwansa: *look for* nema ne, *look after* kula da reno. Akuya ta ɓata, *you look for it*. Tana gida kana ba ta dusa da ruwa, *you look after it*. An ce maƙwabci ne ya sace ta mai unguwa ya sa a bi diddigi, *he looks into it*.

Wannan *it* ɗin ya kawo mu ga abin da na fi so ka riƙe, domin a nan ne *put off* da *look into* suka yi hannun riga a ginin jimla. Wasu daga cikin kalmomin nan ana iya raba su a cusa abu a tsakiya, wasu ba sa rabuwa. Kana iya cewa *put off the meeting*, kana iya cewa *put the meeting off*, duka daidai ne. Amma da zarar ka maye gurbin sunan da *it* ko *them* ko *him*, zaɓi ya ƙare, tsakiya zai shiga: *put it off*, *call it off*, *give it up*. Ba a cewa *put off it*. Shi kuwa *look into* ko da wasa ba ya rabuwa. *Look into it* ake cewa, haka *look after them*, haka *look for her*. Dalili shi ne *into* da *after* da *for* a nan suna riƙe ne da abin da ke gabansu, kamar yadda "cikin" ke riƙe da "ɗaki" a Hausa, ba ka iya jefa shi bayan ɗakin. *Off* da *up* kuma a waɗannan jimlolin jingine suke da aikatau, shi ya sa suke iya matsawa.

Ba sai ka yi ta canka ba. In kana da ƙamusun Oxford na masu koyo, buɗe *put off* ka duba yadda aka rubuta shi. Za ka ga 'yar kibiya mai kai biyu, ↔, tsakanin *something* da *off*. Ita ke gaya maka ana iya sauya musu wuri. Je ka *look into*, ba za ka same ta ba. Ɗalibai da yawa sun shekara da ƙamusun nan a jaka ba su taɓa tambayar aikin kibiyar ba.

Saboda haka idan za ka rubuta sabuwa a littafinka, kada ka rubuta kalmar da fassararta kawai. Ba ta layi uku: cikakkiyar jimla guda da ta shafi rayuwarka, sai wannan jimlar da *it* a madadin sunan, sai abokiyar rikicinta a gefe. Gwada da *turn down* da *turn off* yau da daddare, ka turo mini jimlolin in duba maka.