Taliya da miyar tumatir: jan nama ko mai kitse?

Lissafin faranti daga busasshiyar taliya yake farawa, kafin ta shiga tukunya. Giram 100 na ɗauke da kalori kusan 360, kabohaidiret giram 72, furotin giram 12. In ta dahu tana shan ruwa har nauyinta ya haura giram 220, alhali ruwa bai ƙara mata komai ba. Wanda ya auna dafaffiya ya yi lissafi da adadin jikin leda, ya ninka wa kansa abin da bai ci ba.

To, a ɗauki faranti biyu, kowanne da wannan taliya, miyar tumatir giram 150, man gyaɗa cokali ɗaya babba, da ɗanyen niƙaƙƙen nama giram 100.

Na jan nama, mai kitse kashi 5 cikin ɗari, yana kai kalori wajen 660: furotin giram 35, maiƙo giram 20. Na nama mai kitse kashi 20 kuwa yana kusan 780, furotin ya sauka zuwa 31, maiƙo ya hau 35. Kabohaidiret ɗaya ne a dukansu, wajen giram 82.

Sai dai mai kitsen ba ya buƙatar man suya. A zuba shi a tukunya haka nan, kitsensa ya soya albasar, kalori 120 na cokalin man sun fita, farantan biyu sun kusa yin kunnen doki. Jan nama kam in ba mai, kama tukunya yake ya bushe. Mai neman furotin ya ɗauki jan, amma ya auna man da cokali, kada ya tsiyaya daga kwalba.