Gargaɗi: manhajar "bibiyar matafiyi" da ake turawa a saƙo tarko ce

Jama'a, a yi hattara da masu tallata wata manhaja da suke cewa za ta riƙa sanar da iyalinka inda kake kai tsaye idan kana kan hanya. Tallar tana zuwa ne a zaurukan WhatsApp da Facebook, da hoton taswira da ɗigo yana tafiya a kan titi, a ƙasa an rubuta cewa da zarar motarka ta tsaya ko ka kauce hanya, saƙo zai isa wayar matarka ko mahaifinka. Sai su ce ka biya kuɗin rajista, su turo maka fayil ka sa a waya. Abin da suke sayarwa yana cikin wayarka tun daga kamfani, kuma kyauta ne. Fayil ɗin da suke turowa kuwa saƙonnin bankinka yake nema.

Ga yadda abin yake tafiya. A ce mutum zai yi doguwar tafiya gobe, hankalin gida ba a kwance yake ba. Ya ga tallar, ya yi musu magana, ya biya. Suka turo masa fayil mai ƙarewa da .apk a cikin hira, ba ta Play Store ba. Da ya taɓa shi, wayar ta ƙi, ta ce ba a ba ta izinin sa manhaja daga wannan wurin ba. Nan mai tallar zai kira shi da murya mai daɗi, ya ce ai haka take yi wa kowa, ya shiga ya kunna izinin. Idan Play Protect, tsarin Google da ke tantance manhajoji a waya, ya fito da gargaɗi, sai ya ce a kashe shi na ɗan lokaci. Ya zuwa nan mutumin ya buɗe ƙofa biyu da hannunsa, kuma duk biyun wayar ta yi ƙoƙarin hana shi.

Wurin da ya kamata kowa ya tsaya ya duba shi ne izinin da manhajar take nema bayan ta hau. Manhajar da aikinta nuna wuri ne, wurin da kake take buƙata da intanet, wataƙila da lambobin mutanen da za ka zaɓa. Wannan kuwa sai ta nemi karanta saƙonninka na SMS, ta nemi ganin sanarwar da ke shigowa waya, ta nemi Accessibility, ta nemi zama Device admin. Kowanne da aikinsa a wurin ɓarawo. Karanta saƙonni da sanarwa shi ke ba shi lambar sirrin nan da banki yake turowa kafin a fitar da kuɗi, da lamba shida da WhatsApp yake turowa idan za a buɗe asusunka a wata wayar. Accessibility an yi shi ne domin makafi da masu wata lalura, amma manhajar da ta same shi tana iya ganin abin da ke kan allo, ta ga abin da kake rubutawa, har ta danna maɓalli a madadinka. Device admin kuma shi ke sa idan ka je cire ta ka tarar maɓallin cirewar ya dushe, ba ya dannuwa.

Daga Android 13 zuwa sama, wayar da kanta tana toshe Accessibility ga manhajar da aka sa ta wannan hanyar, ta nuna Restricted setting. Duk wanda ya ce maka ka shiga bayanan manhaja ka danna Allow restricted settings domin a nuna wa iyalinka inda kake, to ka katse kiran kawai.

Sun san lokacin da suke zaɓa. Matafiyi yana cikin mota, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, waya tana aljihu domin kada caji ya ƙare. A cikin awannin nan ne ake kwashe asusu, ko a karɓe WhatsApp ɗinsa a tura wa 'yan'uwa cewa mota ta lalace ko an yi hatsari, a turo kuɗi da gaggawa. Kuma da shike shi da kansa ya shigar da lambobin makusantansa a manhajar, har da wace ce mata, wane ne uba, sun san wanda za su fara taɓawa.

Akwai ƙarya biyu a tallar da suka isa su tona ta tun kafin a biya. Ta farko, wai tana aiki ko babu sabis. Wayar tana iya sanin inda take ta tauraron ɗan'adam ba tare da data ba, wannan gaskiya ne, amma aika labarin zuwa wata wayar sai da hanyar sadarwa. Inda sabis ya yanke, iyali wurin ƙarshe da aka gan ka kawai za su gani. Wasu sababbin wayoyi, irin su iPhone 14 zuwa sama, suna iya aikawa ta tauraron ɗan'adam a wasu ƙasashe, amma wannan ƙirar wayar ce, fayil ɗin da aka turo a hira ba zai ƙara wa wayarka shi ba. Ta biyu, wai da lambar waya kaɗai za ka ga inda kowa yake. Kamfanin layi ne ke da irin wannan bayanin, kuma ba ya raba shi ga mai talla a zaure.

Hanyar gaskiya ba ta da wuya. A Google Maps ka taɓa hotonka a sama, ka shiga Location sharing, ka zaɓi mutum da tsawon lokaci. Shi kuma wanda ka ba wa, daga nasa ɓangaren zai iya saita sanarwa ta shigo masa idan ka isa wani wuri ko ka bar shi, kuma ana sanar da kai cewa ya saita. A WhatsApp akwai Share live location, na minti 15, ko awa 1, ko awa 8, don haka mai tafiyar da ta wuce awa takwas sai ya sabunta a hanya. Masu iPhone suna da Find My, sannan tun iOS 17 na 2023 akwai Check In a cikin Messages: idan tafiyarka ta tsaya ba dalili zai tambaye ka, in ba ka amsa ba cikin minti 15 ya aika wa wanda ka zaɓa inda kake da yawan cajinka. Ni a ganina gwadawa kafin ranar tafiya ta fi komai: ka kunna, ka fita ka ɗan zaga, a duba a ɗaya wayar ko ɗigon yana motsi. Ka kuma duba tsarin tsimin batir, domin yakan kashe manhaja a bayan fage, ɗigo ya tsaya cak a wuri ɗaya, hankalin gida ya tashi a banza.

Wanda ya riga ya sa fayil ɗin, ya fara sa wayar a Airplane mode, ya kashe Wi-Fi. Da wata wayar daban zai kira bankinsa a rufe asusu da kati, da ita kuma zai sauya kalmar sirrin imel ɗinsa, kada ya rubuta sabuwar a wayar da ta kamu. Sannan ya nemo Device admin apps a cikin Settings ya cire wa manhajar izini, ya cire na Accessibility, ya goge ta. Wasu suna ɓoye alamarsu daga allo, sai a jerin manhajoji na Settings ake ganinsu. Idan ta ƙi fita, a kwashe hotuna da lambobi a mayar da wayar yadda ta zo daga kamfani. Ya duba Linked devices a WhatsApp ya fitar da duk na'urar da bai sani ba, ya kunna Two-step verification, sannan ya kira mutanen da ya sa lambobinsu da baki, ya gaya musu kada su tura ko sisi saboda saƙon rubutu sai sun ji muryarsa.