Tokaren katako ko na ƙarfe a ƙarƙashin dakin?

Gora da sandunan itace sun fi araha, kuma kowane kafinta ya iya aiki da su. Matsalarsu tsayi. In sanda ta gaza, sai ka ga an ɗora ta a kan bulo, ko an haɗa biyu da ƙusa, kuma nan ne take karyewa ranar zuba kankare. Dakin, wato rufin kankare, mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita, ban da leburori da baro. Ɗanyen itace kuwa lanƙwasa yake yi a hankali, sai bayan an cire katako a ga cikin dakin ya sauko.

Tokaren ƙarfe yana da zare, ana murɗa shi ya hau daidai tsayin da ake so. Hayarsa da tsada, amma ni shi na fi so, domin ranar cirewa ana sassauta shi kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe. Na katako sai an buge shi da guduma, nauyi ya sauka wa kankare lokaci guda. Ko wanne ne, a shimfiɗa masa falanki a ƙasa, kada ya nutse.

Kwanakin jira kafin a cire tokare ba ruwansu da irin tokaren. Katakon gefen bim, wato dogon kankaren da ke ɗauke da dakin, ana iya ɓare shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Dakin da faɗinsa bai wuce mita 4.5 ba yana son kwana 7, wanda ya wuce haka 14. Ƙarƙashin bim kwana 14 ne, in ya haura mita 6 sai 21. Lokacin sanyi siminti ba ya saurin kamawa, sai a ƙara kwanaki.