Wata huɗu da agogon zamani a hannu: abin da ke shanye masa caji da dare

Wata huɗu ke nan ina ɗaura wannan agogo, kuma da rana ba ni da ƙorafi a kansa. Yana ƙirga takuna, yana nuna mini mai kira ko da wayar tana aljihu. Dare ne matsalar. Sai in kwanta yana da caji kashi 80, in tashi sallar asuba in tarar ya sauko 45. Unguwarmu wuta ba ta da tabbas, saboda haka abin ya dame ni ƙwarai, har na yi niyyar mayar wa mai shago kayansa.

Kafin in je, na yi gwaji guda. Na cire shi, na sa shi a Airplane mode, na ajiye a kan tebur ya kwana. Kashi 4 kacal ya ci. Nan na gane batirin lafiyarsa lau, wani abu ne ke aiki ina barci. Da ya zubar da caji mai yawa a haka, da sai in zargi batirin.

Daga nan sai na riƙa canza abu ɗaya kowane dare, ina rubuta sakamakon.

Babban mai laifin shi ne awon iskar oksijin ta jini, wanda aka rubuta SpO2 a saitin barci. Idan ka ɗaga agogon cikin duhu ka ga jan haske a ƙarƙashinsa, shi ne ke aiki. Fitilar tana haska fata akai-akai har gari ya waye, kuma idan maɗaurin ya yi sako-sako, awon ba ya kamawa da kyau, ga cajin ya tafi a banza. Da na kashe shi, asarar ta sauko daga kashi 35 zuwa 19. Da shi ya kamata kowa ya fara, sai fa wanda ke da dalilin lafiya na bibiyar wannan awo.

Na biyu fuskar agogon ce. Ni mai yawan juyi ne a barci, duk juyin da na yi sai ta kawo haske, ga saƙonnin zaurukan WhatsApp suna girgiza shi. Na saita Sleep mode ya riƙa kunna kansa daga 10 na dare zuwa 5 na asuba, ya kashe haske da girgiza gaba ɗaya. Asara ta koma 12.

Na ƙarshen ban zata ba. Nakan bar wayata a falo tana caji, Bluetooth ya yanke, agogon ya kwana yana nemanta ko ya koma kan Wi-Fi. Yanzu kusa da gado take kwana.

Awon bugun zuciya, mai koren haske, na bar shi a kunne, domin lissafin barci yana amfani da shi. Yanzu kashi 8 zuwa 9 yake ci a dare, ina yi masa caji bayan kwana biyu. Na fasa mayar da shi, amma har yau raina bai so yadda aka cusa maɓallin SpO2 can cikin manhajar waya ba, sai da na yi ta lalube kafin in same shi.