Tallar ƙungiyar agaji da kuɗi kaɗan: wace hanya ta dace da wace buƙata?

Ƙungiyar agaji takan nemi abu uku daga talla: gudummawar kuɗi, 'yan sa-kai, da kuma a san da ita. Kowanne da mutanensa, da inda ake samunsu, da yadda ake auna nasararsa. Talla ɗaya da aka ɗora wa dukkan ukun ba ta cika kawo ko ɗaya ba.

Mu ɗauki misalin ƙungiyar da ke koya wa yara karatu da yamma a Anguwar Rogo, a Jos, tana da naira 150,000 na wata guda. A fara cire harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan tallar Facebook, abin da zai rage kusan 139,500 ne.

Sanar da jama'a shi ya fi arha, naira 30,000 ta isa. Zaɓi biyu ne a nan, rediyo ko Facebook. Tashoshi irin su PRTV da Highland FM suna kaiwa ga iyaye da dattawan unguwa, waɗanda amincewarsu ke buɗe ƙofa, sai dai sanarwar da ba a maimaita ta ba mantawa ake yi, kuma ba za ku san mutum nawa suka ji ba. Da wannan kuɗin gara bidiyo na daƙiƙa 30 da Hausa, a zaɓi Awareness, wato sanar da jama'a, a Ads Manager, shafin tsara tallar Facebook, a taƙaita shi ga Jos da Bukuru. Ku lura da Frequency, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallar. In ya haura huɗu ko biyar a mako, mutanen jiya kuke ta maimaita wa magana.

Neman 'yan sa-kai ne wurin da alƙaluma suka fi yaudara. In aka zaɓi Leads, wato tattara sunayen masu sha'awa, fom yana buɗewa a cikin Facebook da suna da lambar waya a cike, don haka mutum yakan aika ba tare da ya karanta ba, wani ma ya ɗauka aikin albashi ne. Tallar da ke kai mutum WhatsApp tana kawo mutane kaɗan, amma wanda ya rubuto da hannunsa ya fi niyya, kuma ita muka fi ba da shawara muddin akwai wanda zai amsa a ranar. A rubuta gaskiya a jikin tallar: babu albashi, Asabar ce daga ƙarfe 4 zuwa 6, ga unguwar. A ce an kashe 45,000, mutum 60 suka ba da suna, 15 suka zo ranar farko. Allon Ads Manager zai nuna naira 750 kan kowane suna, amma ainihin farashin 3,000 ne kan kowane mutumin da ya zo, kuma wannan lissafin za a kai wa kwamitin amintattu.

Gudummawa ta fi wuya, domin da kyar baƙo ke ba ƙungiyar da yau ya fara jin sunanta kuɗi. Saboda haka ragowar 64,500 ta jira zuwa mako na uku, sannan a nuna tallar ga waɗanda suka kalli aƙalla rabin bidiyon farko, ta hanyar Custom Audience. Maɓallin Boost post yana da sauƙi, amma ya fi ƙwarewa wajen tara masu yabawa, ba masu bayarwa ba. A faɗi adadi da abin da zai saya, misali naira 5,000 ta littattafan rubutu da fensir, maimakon "a taimaka da abin da ya sawwaƙa".

Akwai matsalar da ake yawan mantawa: yawancin mutanenmu ta banki suke turo kuɗi, kuma Facebook ba ya ganin wannan. Sai a ware asusu ɗaya da sunan ƙungiya don tallar kawai, ko a buɗe shafin biyan kuɗi a Paystack. Kada a sa asusun mutum ɗaya, zargi yake jawowa. In kuɗin da ya shigo bai kai wanda aka kashe ba, a tsaya a gyara saƙon kafin a ƙara ko sisi.

Google Ad Grants kuma yana ba ƙungiyoyin da suka cancanta tallar da ke fitowa a sakamakon binciken Google ta har dala 10,000 a wata kyauta, amma sai da rajistar CAC da shafin intanet mai inganci, kuma dole kashi 5 cikin ɗari na masu ganin tallar su danna ta. In aka gaza wata biyu a jere, ana iya dakatar da asusun tallar. Masu neman inda za su ba da sadaka a Google da Hausa ba su da yawa, don haka ya fi amfani ga ƙungiyar da ke neman masu bayarwa daga Abuja ko ƙasashen waje, kuma take da wanda zai riƙa duba asusun kowane mako.